Randar Malama Nasiha

Duk wanda ke fita da safe a Tambuwal ya san Malama Nasiha, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai hijabi ruwan toka da ke tsayar da ɗan kabu-kabu a tsakiyar hanya don ta hango gwangwanin madara a bakin kwata. Ta sauka, ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta jefa a jaka, ta koma ta hau kamar ba abin da ya faru. Masu faci sun san ta da roƙon tsohon tib. Masu shayi kan tara mata kwalabe. Mijinta Jamaluddeen, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutum mai son tsabta da shiru, ya daɗe da haƙura da bayan ɗakin girkinsu, wanda ya koma matattarar waya da ledoji da fasassun madubai.

Malamar Fiziks ce a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, shekara tara ke nan. Ɗalibanta sun laƙaba mata Malama Tashi-mu-gwada, don ba a taɓa yi mata tambaya ta amsa daga zaune ba. In yarinya ta ce me ya sa kaza ke yin kaza, sai ta ajiye alli ta ce, "Tashi mu gwada." Ko a ɗakin malamai a tsaye take cin tuwon madararta, ƙafa ɗaya na waje. Wasu malaman na cewa tana sa musu jiri. Ni dai ban ga laifinta ba, akwai masu zaman da ya isa har da nata a wannan ɗakin.

A wani ƙauye gaba da Kebbe aka haife ta. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, amma a hannun ƙanwarsa ta tashi, Goggo Rauda, maginiyar tukwane. Tun ba ta kai ɗaukar tulu ba take taka yumɓu da ƙafa, tana tara kashin shanu da kara na ranar ƙona tukwane. Da ta shiga sakandare ta so kimiyya kamar me, sai dai makarantarsu ba ta da ko kwalbar gwaji ɗaya. A allo malaminsu ya zana musu ma'aunin zafi, ya ce su zana irinsa. Ta ci jarrabawa, ta tafi kwalejin horon malamai a Sakkwato, kuma a can ne, tana da shekara goma sha tara, aka fara miƙa mata na gaske. Ta riƙe shi ta wajen kan da ake tsomawa, ajin ya kwashe da dariya. Kunyar ranar ba ta taɓa sakinta ba. Ta yi wa kanta alkawari cewa duk yarinyar da ta bi ta hannunta sai ta taɓa abu da yatsunta kafin ta rubuta shi.

Shi ya sa da ta zo makarantar ta ga wani tsohon sito a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da gidajen zanzaro, ba ta bar shugaban makaranta na lokacin ya sha ruwa ba sai da ya ba ta makullin. Ta share, ta kafa katako a kan bulo, ta rubuta Kulob ɗin Kimiyya da alli a jikin ƙofa. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, wannan ɗan ɗakin shi ne komai. Makullin a wuyanta yake kwana, a ɗaure da zaren lilo.

Me ba a yi ba a ɗakin nan? An tace ruwan tabki da yashi da tsakuwa da gawayi a cikin robar ruwa da aka yanke gindinta. An daka 'ya'yan zogale an zuba a ruwa mai laka, yara suka tsaya suna kallon lakar na kwanciya a ƙasa. An lulluɓe kwali da takardar ƙyalli ta cikin fakitin madara, aka ɗora gilashin taga a kai, aka dafa ƙwai da rana. An cusa danyen kashin shanu da ruwa a jarka, aka haɗa tiyo zuwa tib ɗin mota don tara iskar gas. Wannan ne suka kai gasar baje kolin kimiyya ta shiyya shekara uku da suka wuce, kuma ya ƙi kamawa a gaban alƙalai, don kashin bai gama ruɓewa ba. Bayan kwana shida tib ɗin ya kumbura, wuta ta kama shuɗiya shar, ba mai kallo sai ita da maigadi.

Matsalar Malama Nasiha ke nan, kuma ta san da ita. Kafin abu ɗaya ya nuna, hankalinta ya riga ya tafi kan na biyu. Sau uku suna zuwa gasar, sau uku suna dawowa hannu rabbana. Abin da ya fi ƙona mata rai, kowace shekara sai wata makarantar kuɗi ta zo da gidan kwali mai fitilu da fanka mai juyawa, wanda kowa ya san wani mai gyaran rediyo ne ya haɗa shi a Sakkwato, yaran ko inda batir yake ba su sani ba. Jama'a su taru a kansa suna ta ɗaukar hoto.

Shugaban makaranta na yanzu, Malam Ɗangiwa, ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Dattijo ne mai son tsari, wanda bai ƙi a ce makarantarsa ta fi ta kowa kyau ba. A farkon zango na biyu ya kira ta ofis. Ta ƙi zama, ya gaji da nuna mata kujera.

"Malama, bana mu za mu karɓi baƙuncin gasar. Kin ji ko?"

"Na ji, ranka shi daɗe."

"To. Karyayyun kujeru sun cika bayan azuzuwa, rana da ruwa na cinye su, ba ni da wurin sa su. Wanga ɗaki naki shekara nawa, ko takardar yabo ɗaya ba mu gani ba. In bana munka shiga ukun farko, ɗaki naki ne, ba mai sake tada maganar. In ba mu shiga ba, ki kawo mini makulli. Na yi adalci?"

Ta ce ya yi. Ta fito tana riƙe da zaren wuyanta.

Mako biyu ta yi tana zarya. Yau ta ce injin ƙyanƙyasar ƙwai da fitilar kananzir, gobe ta ce a'a, gawayin ɓuntun shinkafa, jibi ta tashi da maganar fanfon ban-ruwa na roba. Jamaluddeen ya ce da ita wata safiya, "Ke dai ki zaɓi guda ki bar mu mu sha koko." Wadda ta tsayar da ita ɗaliba ce, Hamdiya, 'yar aji biyar, doguwa mai ƙarancin magana, wadda mahaifiyarta ke sayar da tumatir da alayyafo a ƙofar gida. Ita ta ce, "Malama, mu abin da ad damuwarmu, kayan miya ba su kwana biyu da bazara. Inna kullum zubarwa takai." Malama Nasiha ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin, abin da ba a saba gani ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ta faɗa wa yaran haka tun ranar farko, ta ce ba su suka ƙirƙiro ta ba. Ƙaramar randa ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yakan tsattsafo ta ƙananan kafofin jikin randar waje, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, to daga jikin randar yake ɗiba, sai cikin ya yi sanyi, kamar yadda zufa ke yi wa mutum. Abin da za su kawo nasu shi ne awo: su san sanyin nawa ne, da wane irin yashi, a inuwa ko a ɗaki, kuma kwana nawa tumatir zai yi.

Randunan kasuwa ba su yi ba, wuyansu ya cika matsewa, wata ba ta shiga cikin wata. Ranar wata Asabar ta hau motar Kebbe, daga can ta hau babur zuwa ƙauyensu. Goggo Rauda ta tsufa, ta kusa shekara biyu ba ta yi gini ba, roba da kula sun kashe kasuwa, ga ciwon yatsu. Ta saurari bayanin har ƙarshe tana ɓare gyaɗa.

"Wanga shi ne ilimin da kika tai Sakkwato nema?" in ji ta. "Wa bai san randa na zufa ba?"

"Kowa ya sani, Goggo. Ba wanda ya auna ne."

"To zamna, ɗiyata. Kin tsaya mini bisa kai kamar mai jiran mota."

Ba ta zauna ba, amma Goggo ta yarda. Ta ce ta waje za ta ƙara mata dakakken tsingaro da ɗan ƙaiƙayi a yumɓun, ba za ta goge bayanta da dutse ba, don gogewa na toshe kafofi. Ta ciki kuwa za ta goge ta sumul don kada ruwa ya shiga wa kayan miya. Tsakaninsu faɗin yatsa uku. Manya uku ta gina. Ɗaya ta tsage a wuta, ɗaya ta fashe a hanya da babur ya faɗa rami, Malama Nasiha na rungume da ta ukun a cinya tana salati. Wadda ta iso Tambuwal ja ce mai kaushi, da baƙaƙen tabon wuta a gefe guda, ba ta da kyan gani ko kaɗan.

Mako shida yara huɗu suna awo da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a cikin randa, ɗaya rataye a inuwa. Sau uku a rana, da safe, da tsakar rana, da lokacin tashi. Hamdiya ce mai riƙe littafi. Doka ɗaya Malama ta kafa musu, kuma ta maimaita ta har sun gaji da ji: da biro ake rubutu, kuma abin da ma'auni ya nuna shi ake rubutawa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sun gano yashin gulbi ya fi na bakin titi riƙe ruwa daidai. Sun gano in an rufe taga iska ta daina ratsawa, sanyin na raguwa. Ranar da waje ya kai digiri arba'in da ɗaya, cikin randa ya tsaya a ashirin da shida. Tumatir ɗin da suka bari a faifai ya yi laushi a kwana uku, na cikin randa ya haura kwana goma sha biyu da ƙarfinsa. A karon farko a rayuwarta Malama Nasiha ta bi abu ɗaya har ƙarshe, kuma ta ji a ranta bana ɗakin ya tsira.

Yanzu a nan ƙasar, in an ce manyan baƙi za su zo, ba a tambayar kowa, fenti ake nema. Duwatsun bakin hanya a shafa musu farar ƙasa, gindin itatuwa a shafa, ƙofofi da tagogi a bi su da fentin mai, ko sandar tuta ba ta tsira. Tun Laraba makarantar ke warin fenti. Ranar Juma'a da safe aka ce kowa ya kai kayansa babban zaure, don Asabar ce gasa. Malama Nasiha da yaranta suka tallabi randar suka kai, suka ɗora ta a kan bulo uku kusa da taga, suka jiƙa yashi, suka tafi gida da aka tashi.

Bayan an sauko daga masallaci Malam Ɗangiwa ya shiga zaure duba shiri. Ya ga teburori da farin ƙyalle, ya ga baƙin makarantu sun fara kawo kaya masu sheƙi, sannan ya ga abin da makarantarsa, mai masaukin baƙi, za ta nuna wa mutanen Sakkwato: randar ƙauye mai tabon hayaƙi. Abin ya tsaya masa a rai. Da kyakkyawar niyya ya kira mai fenti, ya ce a taimaki Malama, a gyara mata kayanta.

Da hantsin Asabar ta shigo zauren da sauri, ledar sabon tumatir a hannu. Ta wuce wurin sau ɗaya ba ta gane ba. Randar ta zama koriya shar tun daga baki har gindi, tana ƙyalli, an rubuta sunan makaranta da farin fenti a cikinta, har da ɗan zanen tauraro. Mai fentin ya iya aikinsa, shafi biyu ya yi, bai bar ko faɗin yatsa ba.

Ta ɗora tafin hannu a jikin randar. Kullum in ta yi haka takan ji danshi da sanyi. Yau a bushe take, da ɗan danƙo. Ta zagaya ta baya ta kankare wuri kaɗan da makullin wuyanta, fentin ya naɗe ya bar kore a cikin ramukan yumɓun, ya riga ya shige. Ta yi tunanin kananzir, ta san zai narkar da fentin ne ya ƙara tura shi ciki, ga wari a kayan abinci. Ta yi tunanin kasuwa, ta san babu mai faɗin bakin da za ta ɗauki ta ciki. Ta fita baranda, ta dawo, ta sake fita. Kebbe ba nan kusa ba ce, kuma ko ta je babu wata a can.

A baranda ta ci karo da Malam Ɗangiwa cikin babbar riga, fuskarsa fal murna.

"Malama, kin ga aikin? Na ce ba za mu ji kunya gaban baƙi ba. Yanzu ta yi kama da abin kimiyya."

Bakinta ya buɗe. Bayansa ga shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ga wakilin hakimi, suna jiran ya raka su rumfa. Ta ce, "Na gani, ranka shi daɗe. An gode."

Malam Uthman, malamin Jogirafi, shi kaɗai ya lura da fuskarta. Da ta gaya masa, ya ja ta gefe ya rage murya. "Ga mai ƙanƙara can bakin get. Ki sawo, ki fasa, ki zuba ruwan cikin yashi kafin su iso gare ku. Wa zai sani? Kuma ba ƙarya ba ce, ai abin shina yi, mako shida muna gani. Lambar da kunka saba samu ita za ki nuna."

Maganar ta shige ta, don akwai gaskiya a cikinta. Ba ta tsaya ba ta nufi get. Ta sayi ƙanƙara ƙulli uku, ta ɓoye a ƙarƙashin hijabi, sanyin na cizon cikinta. Sau biyu ta juya a hanya, sau biyu ta sake miƙewa. Tana tafe tana faɗa da Malam Ɗangiwa a zuci, tana faɗa da mai fenti, tana faɗa da kanta da ta tafi gida jiya maimakon ta tsare kayanta.

Da ta iso, zaure ya cika, rana ta take, alƙalai na tebur na huɗu, su ne na tara. Hamdiya na tsugune da littafi a gwiwa. Ta riga ta ɗaga tsumma ta duba. Malama ta leƙa ta kafaɗarta ta ga layin yau, da biro, da rubutun nan nata mai tsabta: waje talatin da tara, ciki talatin da uku. A gefe, inda suke rubuta abin lura, yarinyar ta sa: an shafa wa randar waje fenti.

Hamdiya ta ɗago. Idonta ya yi ja. Sai ta ga ruwa na ɗiga daga ƙasan hijabin malamarta, ta bi ɗigon da ido har ƙasa, ta sake ɗagowa.

Malama Nasiha ta ji kunyar da ta fi ta ranar Sakkwato. Ta fito da ƙullin ƙanƙarar ta miƙa wa yaran. "Ku sha, zafi ya yi yawa."

Shugabar alƙalan wata Dakta Mu'minatu ce, malamar jami'a, gajeriya mai tabarau, ba ta da gaggawa. Malam Ɗangiwa da manyan baƙi na biye da ita, don teburin masu gida ne. Hamdiya ta yi bayani da Turanci. Dakta ta karɓi littafin ta daɗe tana buɗawa shafi-shafi, tana gyaɗa kai. Ba ta yi wa kowane tebur haka ba. Sannan ta zo layin ƙarshe. Ta zaro ma'aunin da kanta ta duba, ta shafa jikin randar, ta shinshina yatsunta.

"Wa ya shafa wa wannan fenti?" Da Hausa ta yi tambayar, kuma kowa ya ji.

Yaran suka sunkuyar da kai. Malam Ɗangiwa ya gyara tsayuwa, da alama yana shirin karɓar yabo. Dakta ba ta lura da shi ba, ta ci gaba.

"Don duk wanda ya yi, ya kashe aikin. Ta jikin randar ruwan ke fita, fenti ya toshe. Yanzu sai ɗan abin da ke fita ta saman yashi da tsumma. Ɗan aji ɗaya ma ya kamata ya san wannan. Wane ne?"

Malama Nasiha ta ga murmushin ya bar fuskar dattijon. Ta ga wakilin hakimi ya juyo, ta ga malaman wasu makarantu sun matso, ga ɗalibansa ɗari da wani abu a tagogi. Mutumin ya girmi mijinta nesa, shekara talatin yana koyarwa, saura biyu ya yi ritaya. In ta yi shiru na ɗan lokaci kaɗan zai buɗe baki da kansa, ko wata yarinya ta faɗa, kuma har ya mutu a garin nan ba za a daina ba da labarin shugaban makarantar da ya yi wa randa fenti ba. Ta kuma san abin da amsarta za ta ci mata.

"Ni na sa anka shafa, ranki shi daɗe."

Dakta ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce malamarsu ta Fiziks?"

"Ni ce."

"To, Malama, kin sa ni cikin wahala. Littafin nan ya fi duk abin da na gani yau. Amma in wadda ta jagoranci aikin ba ta san abin da ke sa shi aiki ba, yaya zan tabbata lambobin nan daga randar nan suka fito? Abin da na gani da idona shi zan ba maki." Ta mayar wa Hamdiya littafin da hannu biyu, ta ce ta adana shi, ta wuce tebur na goma.

Wasu yara daga Sanyinna ne suka zo na ɗaya, da akwatin busar da tattasai na katako da baƙin kwano da leda, kuma sun cancanta, Malama Nasiha da kanta ta je ta leƙa cikinsa har sau biyu. Gidan kwali mai fitilu ya zo na uku. Masu gida suka zo na shida.

Da aka watse tana naɗe tsumma, Hamdiya ta tsaya a gefenta. Yarinyar da ba ta cika magana ba, yau ta yi.

"Malama, kin hana mu rubuta abin da ba shi ba. Ke kuma kin faɗi abin da ba shi ba, gaban kowa."

"Haka ne."

"To mi ab bambanci?"

Malama Nasiha, wadda ba a taɓa yi wa tambaya ta rasa abin da za a tashi a gwada ba, ta tsaya da tsumma a hannu. Ta ce, "Ban sani ba, Hamdiya. Littafinki dai ba ƙarya a cikinsa, ki riƙe wannan." Yarinyar ta tafi ba ta gamsu ba, kuma wannan ya fi zuwa na shidan ciwo.

Ranar Litinin Malam Ɗangiwa bai kira ta ofis ba. Ta jira har ƙarfe goma, tana kai da kawowa tsakanin aji da baranda, tana tsammanin ko zai ce a bar maganar. Shi kuwa ya riga ya faɗa a taron malamai tun farkon zango, kowa ya ji sharaɗin, kuma janye shi na nufin ya faɗi dalili. Masinja ya aiko. Ta ciro zaren daga wuyanta ta ba shi. Kafin a tashi ta kwashe kwalabenta da wayoyinta a buhu huɗu, 'yan aji uku suka fara jido karyayyun kujeru suna tarawa har rufi. Ta yi kuka a bayan ajin ƙarshe, a tsaye, na minti biyu, sannan ta shiga darasi.

Randar kuwa, da warin fentin ya fita, masinja ya ga ba a bar abu mai kyau haka a zaure ba. Ya juye yashin, ya wanke ta, ya ajiye a barandar ofis, ya cika da ruwa, ya rufe da faifai ya ɗora moɗa. Malamai suka gwada sau ɗaya suka bar ta, kowa ya koma tsohuwar randar gindin dogonyaro mai gansakuka a gindi. Mutum ɗaya ne bai daina sha ba.

Wata ranar Laraba da tsakar rana ta zo wucewa da buhu a hannu, za ta gindin bishiya inda kulob ɗin ke haɗuwa yanzu, yara bakwai cikin ashirin da biyu na da. Malam Ɗangiwa na tsaye a baranda da moɗa a hannu. Ta gaishe shi ba ta rage sauri ba.

"Malama."

Ta tsaya. Ya dubi cikin moɗar, bai dube ta ba.

"Ruwan ga bai da sanyi."

"Ba zai yi ba, ranka shi daɗe."

Ta ba shi lokaci. Ta tsaya a rana, buhun na ja mata kafaɗa, tana jiran sauran maganar. Ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya kafa kai ya shanye ruwan ɗumin har ƙasa, ya kife moɗar a kan faifai, ya koma ofis ya ja ƙofa.